Matsalar Tarago: Rawar Niyya da Ta Hannu a Hukuncin Ɗabi'a

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayanin matsalar tarago, wato misalin nan na falsafar ɗabi'a da ake tambayar mutum ko ya halatta a halaka rai ɗaya domin a ceci rayuka biyar. An bi asalin matsalar daga rubutun Philippa Foot da na Judith Jarvis Thomson, sannan aka tsaya a kan gwaje-gwajen da suka sassauya siffar misalin kaɗan-kaɗan domin gano abin da ke juya amsar mutane. An nuna cewa amsa guda ba ta bayyana kome game da mai ba da ita sai an gwama ta da amsarsa ga wani misali mai kama da na farko, kuma abubuwa biyu ne suka fi juya hukunci: ko mutuwar mutum ɗayan ita ce hanyar ceton, da kuma ko ƙarfin jikin mai aikin ne ya kai shi ga halaka.

1.0 Gabatarwa

Tarago ya ƙwace a kan layin dogo, birkinsa ya tsinke. A gabansa akwai ma'aikata biyar da ba su da hanyar kaucewa. Wani mutum yana tsaye a gefe, kusa da sandar da ake sauya layi da ita. Idan ya ja sandar, taragon zai karkata zuwa wani reshe na layin, inda ma'aikaci ɗaya yake, ya take shi. Idan bai ja ba, biyar ɗin za su mutu. Yawancin waɗanda ake yi wa wannan tambaya sukan ce ya halatta ya ja.

Sai a sake misalin. Taragon nan ne dai, mutum biyar ɗin nan ne, amma yanzu babu reshe babu sanda. Mutumin yana kan gadar da ta haye layin, a gabansa kuma akwai wani ƙaton mutum wanda nauyinsa ya isa ya tsayar da taragon. Idan ya ingiza shi ya faɗa kan layi, ƙaton zai mutu, biyar su tsira. A nan yawancin mutane sukan ce bai halatta ba, kuma ba sa ɓata lokaci kafin su faɗi haka.

Lissafin bai canza ba: ɗaya a madadin biyar. Amsar ce ta canza. Saboda haka matsalar tarago ba tambaya ce ta “za ka ja ko ba za ka ja ba” kamar yadda ake yawan ɗauka. Ainihin matsalar ita ce a faɗi abin da ya raba misalan biyu, ta yadda bayanin zai tsaya da ƙafarsa idan aka kawo misali na uku da na huɗu.

2.0 Asalin Matsalar

Philippa Foot, malamar falsafa a Oxford, ita ce ta fara kawo misalin a 1967, cikin wata maƙala da ta yi magana a kan zubar da ciki. A wurinta direban taragon ne ke da zaɓi, ba ɗan kallo ba. Ta gwama shi da wani alƙali wanda masu tarzoma suka tsare mutum biyar, suka ce za su kashe su idan ba a hukunta wanda ya aikata wani laifi ba, alhali ba a san mai laifin ba. Shin alƙalin zai ɗora wa wani bawan Allah laifin ya sa a kashe shi domin biyar su tsira? Kowa yana jin cewa direban yana da uzuri, alƙalin kuwa ba shi da shi.

Bayanin Foot shi ne cewa wajibai iri biyu ne: wajibin kada a cutar da mutum, da wajibin a taimake shi, kuma na farko ya fi na biyu nauyi. Direba duk inda ya nufa kisa zai yi, don haka ya zaɓi kisan da ya fi ƙaranci. Alƙali kuwa yana tsakanin ya kashe ɗaya da ya kasa taimakon biyar, kuma hanin kisa ya rinjayi umarnin taimako.

Judith Jarvis Thomson ta jami'ar MIT ta Amurka, wadda ta raɗa wa matsalar sunanta a 1976 ta kuma faɗaɗa ta a 1985, ta rushe wannan bayani da gyara ɗaya tak. Ta ɗauke zaɓin daga hannun direba ta ba ɗan kallo mai tsaye kusa da sanda. Ɗan kallo bai tuƙa kome ba. Idan ya naɗe hannu bai kashe kowa ba, ya dai kasa taimako. Idan ya ja sanda kuwa ya kashe mutum ɗaya. A bisa ƙa'idar Foot kamata ya yi a haramta masa ja, amma mutane suna halatta masa. Misalin gada shi ma daga wurin Thomson ya fito. Daga nan ya zama dole a nemi wani abu dabam da ya raba sanda da gada.

3.0 Niyya: Hanya ko Abin da Ya Biyo Baya

Bayanin da ya fi daɗewa ana jingina shi ne ga Thomas Aquinas, malamin Kirista na ƙarni na 13, a maganarsa kan kisa wajen kare kai. Gundarinsa shi ne akwai bambanci tsakanin cutar da mutum ya nufa a matsayin hanyar cim ma burinsa, da cutar da ya hango za ta auku amma ba ita yake nema ba. Hanya mafi sauƙi ta gane bambancin ita ce a tambaya: da a ce mutum ɗayan ya yi tsalle ya kauce, shirin ya lalace ko bai lalace ba? Mai jan sanda zai yi hamdala idan ma'aikacin da ke kan reshe ya tsere, domin biyar sun tsira, ɗaya ma ya tsira. Mai ingizawa daga gada kuwa, idan ƙaton ya mirgina ya bar layi, shirinsa ya rushe, domin gangar jikin mutumin ita ce birkin.

Sai dai misalan sanda da gada sun bambanta ta fuskoki da yawa a lokaci guda: a ɗaya akwai taɓa jiki, a ɗaya babu; a ɗaya an karkata haɗarin da yake tafe, a ɗaya an jefa mutum cikin haɗarin da ba nasa ba. Domin a san ko niyya ce ke aiki, sai an sami misalai biyu da ba su bambanta da kome ba sai ita. Wannan shi ne abin da Marc Hauser da Fiery Cushman da abokan aikinsu suka gwada a binciken da suka buga a 2007, wanda kimanin mutum 5,000 suka amsa ta intanet.

A misalan biyu da suka tsara, reshen layin ba ya wucewa gaba, yana zagayowa ne ya sake haɗewa da babban layi kafin wurin da mutum biyar suke. Ke nan karkata taragon kaɗai ba ya ceton kowa, sai idan wani abu mai nauyi a kan reshen ya rage masa gudu har biyar ɗin su sami damar kaucewa. A misali na farko, abin mai nauyi mutum ne. A na biyu, abin mai nauyi wani ƙaton kaya ne da ke kan layi, amma akwai mutum tsaye a gabansa wanda taragon zai take kafin ya kai ga kayan. Aikin hannu ɗaya ne, jan sanda. Adadin matattu ɗaya ne. Bambancin kawai shi ne a na farko ana bukatar a buge mutumin, a na biyu ba a bukata. Kashi 56 cikin ɗari suka halatta na farko, kashi 72 suka halatta na biyu. A binciken nan dai, kashi 85 sun halatta karkata tarago a misali na asali, kashi 12 kacal suka halatta ingizawa daga gada.

Abu biyu ke fitowa daga waɗannan alƙaluma. Na farko, niyya tana da tasiri ko da an cire taɓa jiki. Na biyu, tasirin nata bai kai yadda ake zato ba: ratar da ke tsakanin 56 da 72 ƙarama ce idan aka gwama ta da wadda ke tsakanin 12 da 85. Fiye da rabin masu amsa sun yarda a mayar da mutum birki, muddin da sanda aka yi. Akwai kuma wani abin lura: da aka nemi waɗanda suka bambanta hukuncin sanda da na gada su faɗi dalilinsu, mafi yawansu ba su kawo dalilin da ya raba misalan biyu ba. Hukuncin ya zo da ƙarfi, hujjar ta zo da rauni.

Ba laifi a ɗan ratse a nan, domin masu nazarin usulul fiƙihu za su ga wani abu da suka sani. Imam al-Ghazali, wanda ya rasu a 1111, ya tattauna a littafinsa al-Mustasfa batun abokan gaba da suka yi garkuwa da fursunonin Musulmi, ya kuma gwama shi da mutanen da ke cikin jirgin ruwa waɗanda za su tsira idan aka jefa ɗayansu cikin teku. Ya buɗe ƙofar ijtihadi a na farko bisa sharaɗin maslahar ta zama ta larura, tabbatacciya, kuma ta game al'umma baki ɗaya. Ya rufe ta a na biyu, domin mutanen jirgi adadi ne ƙididdigagge. Ma'auninsa ba irin na Aquinas ba ne, amma hanyar aikin ɗaya ce da ta Foot: a jera misalai biyu masu kama, a nemi siffar da ta raba hukuncinsu. Kuma a wurinsa ma rinjayen adadi shi kaɗai bai isa ya halatta jinin wanda bai yi laifi ba.

4.0 Hannu: Abin da Ya Cike Sauran Ratar

Idan niyya ba ta bayyana dukkan ratar ba, me ya rage? Joshua Greene da abokan aikinsa sun bi wannan tambaya a wani bincike na 2009, ta hanyar warware misalin gada zare-zare. Alƙaluman da Greene ya bayar su ne kamar haka. Idan da tafin hannu aka ingiza mutumin, kashi 31 cikin ɗari suka amince. Idan da doguwar gora aka tunkuɗa shi, ba tare da an taɓa jikinsa ba, kashi 33, wato kusan babu bambanci. Idan kuwa mutumin yana tsaye ne a kan wani murfi a daben gadar, mai aikin yana gefensa ya danna makunni murfin ya buɗe ya faɗa, amincewar ta haura zuwa kashi 59. Idan daga nesa aka danna makunnin, kashi 63.

A dukkan huɗun an yi amfani da mutumin a matsayin birki, saboda haka niyya ba ta canza ba. Kusanci ma ba shi ne ba, tun da mai makunni na kusa da na nesa sun sami amsa kusan ɗaya. Taɓa fata ma ba ita ce ba, tun da gora ba ta rage ƙyamar ba. Abin da ya rage shi ne ko ƙarfin da ya tura mutumin ya fito kai tsaye daga damtsen mai aikin, ko kuwa wata na'ura ce ta shiga tsakani. Wannan kaɗai ya kusa ninka yawan masu amincewa.

Sai dai ƙarfin damtse ba ya aiki shi kaɗai. An gwada wani misali inda mutum yake gudu a kan siririyar gada domin ya isa ga sanda a kan lokaci, ya san kuma a hanya zai bangaje wani ya faɗo ya mutu. A nan jikinsa ne ya yi kisan, amma mutuwar ba ita ce hanyar ceton ba. Kimanin kashi 81 suka amince. Ke nan ƙyamar ba ta tashi sosai sai abubuwan biyu sun haɗu: a nufi mutum a matsayin hanya, kuma a yi hakan da ƙarfin jiki. Wani babban bincike da aka buga a 2022, wanda ya ƙunshi ƙasashe 45, ya sake samun tasirin ƙarfin jiki a dukkan rukunonin ƙasashen da aka duba.

A nan ne nazarin ya zama mai tayar da hankali ga masanin falsafa. Bambancin niyya abu ne da za a iya karewa da hujja: wanda aka mayar birki an ɗauke shi kayan aiki, an tauye masa matsayinsa na mutum. Amma wa zai tsaya ya kare cewa kisa da makunni ya fi kisa da gora sauƙin laifi? Ga wanda ya faɗo, duk ɗaya ne. Amsar da mutane ke bayarwa ga misalin gada, wadda ake ɗauka shaida ce ta riƙo da haƙƙin ɗan Adam, ashe gauraye ce: wani ɓangarenta ƙa'ida ce, wani ɓangaren kuwa ƙyamar aikata ta'asa da hannu ne.

Greene ya ɗora babban gini a kan wannan. Tun a 2001 ya buga a mujallar Science sakamakon hoton ƙwaƙwalwa da ya nuna sassan da ke da alaƙa da motsin rai sun fi aiki a misalai irin na gada. A 2007 kuma Michael Koenigs da abokan aikinsa suka nuna cewa wasu majiyyata shida da suka sami lahani a ƙasan goshin ƙwaƙwalwa, sashen da ke haɗa motsin rai da yanke shawara, sun fi sauran mutane yarda da irin wannan ingizawa. Daga nan Greene ya ce hanyoyi biyu ne ke takara a cikin mutum, ɗaya mai sauri ta motsin rai mai cewa kada a taɓa, ɗaya mai natsuwa ta lissafi mai cewa biyar sun fi ɗaya, kuma ya karkata ga cewa a irin waɗannan matsaloli ta biyun ta fi cancantar a bi. Wannan mataki na ƙarshe bai biyo daga hotunan ba, kamar yadda Selim Berker ya nuna a 2009. Sanin sashen ƙwaƙwalwar da hukunci ya fito daga gare shi ba ya faɗar ko hukuncin daidai ne. Abin da ke raunana ƙyamar gora shi ne an duba siffar da take bi an ga ba ta da nauyi a ɗabi'a, kuma wannan dubawa aikin falsafa ne, ba na na'urar ɗaukar hoto ba.

5.0 Abin da Amsa Ba Ta Nunawa

An saba kiran wanda ya yarda a ingiza da sunan mabiyin mazhabar duba sakamako, irin ta Jeremy Bentham da John Stuart Mill, wanda ya ƙi kuma mabiyin mazhabar wajibi irin ta Immanuel Kant. Wannan laƙabi yana da saurin yaudara. Mutum na iya cewa a ingiza domin rayuka biyar sun dame shi ƙwarai, wani kuma na iya cewa haka domin rai ɗayan bai dame shi ba ko kaɗan. Daniel Bartels da David Pizarro sun samu a 2011 cewa masu yawan zaɓar sadaukar da ɗaya sun fi samun maki a ma'aunin ƙeƙasar zuciya. Guy Kahane da abokan aikinsa kuma sun nuna a 2015 cewa irin wannan amsa ba ta tafiya tare da son taimakon baƙo na nesa ko sadaukar da dukiya domin jama'a, alhali wannan shi ne zuciyar mazhabar Bentham.

Harshen da aka yi tambayar da shi ma yana da hannu, abin da ya shafi duk wanda ke rayuwa da harshe biyu ko uku. Albert Costa da abokan aikinsa sun buga a 2014 cewa a ɗaya daga gwaje-gwajensu kashi 18 ne suka yarda a ingiza da aka tambaye su da harshen uwa, amma kashi 44 da aka tambaya da harshen da suka koya daga baya. A misalin sanda kuwa amsar ba ta motsa ba, ta tsaya wajen kashi 80 a harsunan biyu. Fassarar da suka bayar ita ce baƙon harshe yana rage zafin motsin rai. Ko da wani bayani ne ya fi wannan, darasin aikin bincike a fili yake: wanda ya raba takardar tambayoyi da Ingilishi ko Faransanci ko Larabci ga mutanen da harshen gidansu dabam ne, ba lallai ne ya auna abin da zai auna da harshen gidan ba. Wannan iyaka ta shafi har binciken Edmond Awad da abokan aikinsa na 2020, mai mutum 70,000 daga ƙasashe 42, wanda ya samu cewa a ko'ina an fi amincewa da sanda, sai layi mai zagaye, sai gada a ƙarshe, ko da yake yawan amincewar ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Da harsuna goma aka yi shi, kuma masu intanet ne suka kawo kansu.

Sannan faɗa dabam, aikatawa dabam. A jami'ar Ghent ta Beljiyam, Dries Bostyn da abokan aikinsa sun sa ɗalibai a gaban keji biyu, ɗaya da ɓeraye biyar, ɗaya da ɓera guda, aka ce za a sa wa biyar ɗin wutar lantarki mai zafi sai idan an danna maɓalli an juya ta ga ɗayan. Ba a sa wa kowane ɓera wutar ba, amma ɗaliban ba su sani ba. A sakamakon da aka buga a 2018, kashi 66 na waɗanda aka yi wa tambayar a matsayin ƙaddarawa sun ce za su danna, kashi 84 na waɗanda suka tsaya gaban kejin suka danna.

Hatta hukuncin sanda, wanda aka gina dukkan matsalar a kan cewa ya halatta, bai tsira ba. A 2008 Thomson da kanta ta ƙara reshe na uku: ɗan kallon yana iya karkata taragon zuwa ga ma'aikaci ɗaya, ko ya karkata shi zuwa layin da shi kansa yake tsaye. Idan ba zai yarda ya biya kuɗin ceton da ransa ba, da wane haƙƙi zai sa wani ya biya da nasa ba tare da an tambaye shi ba? Ta kammala da cewa ɗan kallo ba shi da izinin jan sandar ko a misali na asali, ta koma ga rabon da Foot ta yi tsakanin kisa da barin mutuwa, bayan fiye da shekara talatin tana jayayya da shi.